Daɓe, Makuba da Jere: Yadda Gyaran Ɗakin Sallah Ke Wucewa Daga Kaka Zuwa Jika

Gyaran ɗaki na cikin hidimomin da ake yi kafin Sallah a ƙasar Hausa, kafaɗa da kafaɗa da ɗinki da kitso da lalle. A gidan ƙasa na gargajiya aikin yana bin tsari: a fara gyara daɓe, a yi wa bango shafe, a zana bakin ƙofa ko wani sashe na bangon, daga ƙarshe a wanke jere a mayar da shi mazauninsa. Daɓe da jere da shafen cikin ɗaki aikin mata ne. Yaɓen waje da zane mai tudu na fuskar gida kuwa na magina ne, waɗanda galibi suka gaji sana'ar daga iyaye da kakanni. Mafi yawan waɗanda suka iya waɗannan ayyuka da kyau a yau sun manyanta. 'Ya'yansu sun tashi ne a lokacin da siminti da fenti suka mamaye gine-gine, don haka da yawansu ba su taɓa riƙe madaɓi ba, balle su koya wa nasu 'ya'yan.

Kayan haɗin kowane aiki ba su da yawa, kuma tsohuwa za ta iya lissafa su a zama ɗaya. Abin da ba ya lissafuwa shi ne gane lokacin da ƙasa ta sha ruwa daidai, da jin ƙarar da ke nuna daɓe ya kama, da sanin ko bango ya bushe har zai karɓi farar ƙasa. Wannan sani a tafin hannu da ido da kunne yake, kuma ba ya fitowa sai aiki na gudana. Idan aka zaunar da tsohuwa aka ce ta bayyana yadda ake daɓe, bayaninta ba zai wuce jimla uku ba. Idan aka ajiye mata kujera a bakin ɗakin da ake daɓewa, za ta yi gyara sau ashirin kafin azahar, kuma kowane gyara darasi ne. Shirin Sallah ne lokacin da ya rage a shekara wanda aikin ke tasowa da kansa, ga yara an yi hutun makaranta, ga dangi sun taru, ga kuma dalilin da zai sa kowa ya so ɗakin ya yi kyau.

Akwai wani dalilin da ba a cika lura da shi ba. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, saboda haka Sallah na zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin kimanin shekara 33. A 2000 an yi ƙaramar Sallah sau biyu, a Janairu da kuma Disamba, duk cikin sanyi da ƙura. A 2013 ta faɗo a Agusta, ruwa na tsakiyar zuba. A 2025 ta zo a ƙarshen Maris, zafi ya kankama. Yarinyar da aka haifa a 2010 ba ta taɓa ganin gyaran ɗakin ƙaramar Sallah a hunturu ba, kuma da wayonta ba ta gan shi a tsakiyar damina ba. Matar da ta kai saba'in ta ga zagayen nan sau biyu. Aikin ƙasa kuwa da yanayi yake tafiya: kwaɓin da ya yi daidai a Agusta zai tsage a Janairu, shafen da ke bushewa cikin yini guda a Maris sai ya kwana uku da danshi a damina. Wanda ya koyi aikin a yanayi ɗaya rabinsa ya koya.

Wa zai koya, kuma a wurin wa

A gidan Bahaushe ba kowa ke iya tambayar kowa ba. Uwa na jin kunyar ɗan farinta, matar ɗa na jin kunyar surukarta, kuma da wuya ta buɗe baki ta ce, "Iya, ban gane ba, a sake nuna mini." Ko ta kuskure sai ta yi shiru, surukar ma ta kau da kai don kada a ce ta takura wa matar ɗanta. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Kaka na kiran jikarta kishiya, tana kiran jikanta maigida, su kuma suna tsokanarta ba tare da an ce sun yi rashin kunya ba. Wannan wasan shi ne ƙofar koyarwa mafi faɗi a gidan. Jika za ta iya yin tambaya sau biyar, ta yi gardama, ta ɓata kwaɓi, kaka ta ce, "Ke kishiya, kunu na ce ki dama mini?" a yi dariya a sake. Don haka idan ana raba aiki, ya fi a haɗa tsohuwa da jikokinta kai tsaye, iyaye su koma gefe su riƙe hidimar kawo kaya da abinci. Inda babu kaka a raye ko a kusa, gwaggon uba ko wata tsohuwar maƙwabciya na iya tsayawa a matsayinta.

Yadda aka gayyaci tsohuwar ma yana da tasiri. Tsofaffi da yawa na ɗaukar daɓe a matsayin wahalar da Allah ya raba su da ita, kuma sun sha jin yara na kiransa ƙauyanci. Idan aka ce mata ta zo ta koya wa yara al'ada, tana iya cewa a ƙyale ta. Idan aka je mata da goro tun da sauran makonni, aka ce ɗakin zai sha gyara kuma babu wanda ya san yadda ake haɗa makuba sai ita, wannan buƙata ce ta gaske, kuma da wuya ta ƙi. Sharaɗin shi ne a bar mata hukunci. In ta ce a dakata sai gobe, a dakata. Gidan da ya kira tsohuwa sannan ya riƙa tsallake maganarta saboda sauri, baɗi ba za ta zo ba.

Lokaci kuma sai an zaɓa. Daɓe aikin ƙarfi ne, bai dace da mai azumi ba, kuma a goman ƙarshe tsofaffi na raya dare, da rana barci suke nema. Idan don ƙaramar Sallah ne, a yi daɓe da yaɓe a Sha'aban, a bar ƙananan ayyuka irin wanke jere da saƙar faifai ga azumi. Babbar Sallah ta fi sauƙin sha'ani, domin watan Zulƙida gaba ɗaya a sake yake. Sai dai a tuna da hayaƙin suyar layya: bangon da ke kusa da murhu, in an shafe shi fari kafin Sallah, kafin kwana uku ya koma ruwan toka.

Daɓen ɗaki ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin ɗaki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 3 wanda daɓensa ya farfashe har gyaran faci ba zai yi ba. Ana fitar da kaya duka, a sauke jere, a fasa tsohon daɓen a kwashe. Kafin a zuba komai sai a duba gindin bango ko akwai hanyar gara ko ramin ɓera, domin daɓen da aka yi a kan rami zai lotsa. Nan ne aikin tsohuwa na farko, kuma da sandarta take yinsa: tana bubbuga ƙasa, inda ta ji ƙarar fanko sai ta ce a tona.

Ƙasar daɓe ita ce birji, jar ƙasa mai tsakuwa. Idan ana son kaurin santimita 8 bayan an daɓe, kusan faɗin yatsu huɗu ke nan, wannan ɗakin zai ci wajen kwanon sarki 55 zuwa 60, wato baro 14 ko 15, domin ƙasar na raguwa sosai in ta sha duka. Ɗaukarta aikin samarin gida ne. Zaɓenta kuwa na tsohuwa ne. Za ta jiƙa 'yar kaɗan ta murza tsakanin yatsu. Idan ta yi santsi tana manne wa hannu, yumɓu ya yi yawa, kuma daɓen zai tsattsage yayin bushewa, sai a ƙara rairayi ko ƙananan tsakuwa. Idan ta yi gautsi ta ƙi dunƙuluwa, yashi ya rinjaya, daɓen ba zai tsage ba amma zai riƙa tashi da ƙura duk sanda aka yi shara. A nan ya kamata kowace yarinya ta sa hannunta a cikin samfurin da aka ƙi da wanda aka karɓa, ɗaya bayan ɗaya. Kallo daga tsaye ba ya koyar da wannan.

Ana baza birjin a daidaita shi, a bar ɗan gangare zuwa bakin ƙofa don ruwa ya samu mafita, sannan a yayyafa ruwa a bar shi ya kwana. Kwanan nan yana da dalili: ruwan na ratsawa har ƙasa, maimakon sama ta jiƙe ciki ya zauna a bushe. Da safe sai gwaji na biyu. A damƙi ƙasar a matse. In ruwa ya tsattsafo ko ta bar laka a tafin hannu, ta jiƙe da yawa, madaɓi zai riƙa ɗaukowa, sai a jira. In ta warwatse da buɗe hannu, ruwa bai isa ba. In ta riƙe sawun yatsu, aka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu, to ta yi. A hunturu iska na shanye danshin da sauri, har a buƙaci sake yayyafi ana tsakiyar aiki. A damina kuwa wani lokaci birjin da aka ɗebo ba ya buƙatar ƙarin ruwa ko kaɗan.

Madaɓi guntun icce ne mai faffaɗan ciki da mariƙi. Masu daɓe na jeruwa a layi, su fara daga ƙuryar ɗaki suna ja da baya zuwa ƙofa. Da can gayya ake kira, matan unguwa su taru, ana yi ana waƙar daɓe, kuma waƙar ba don nishaɗi kaɗai ba ce. Ita ke sa madaɓai su sauka tare da nauyi iri ɗaya, don kada wani wuri ya fi wani shan duka. Kuskuren sabon shiga kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Yarinya na ɗaga madaɓi sama ta buga da ƙarfinta duka, gefensa ya sauka kafin cikinsa, ya bar kwari a ƙasa, ita kuma ta gaji kafin a ci rabin ɗaki. Abin da ake so shi ne dukan farko ya zama mai sauƙi don ƙasa ta zauna, kowane bugu ya hau rabin sawun na bayansa, ƙarfi ya ƙaru a zagaye na biyu da na uku. Kusurwoyi da gindin bango, inda madaɓi ba ya shiga sosai, su ne wuraren da daɓe ke fara lalacewa, don haka tsohuwa kan ware mutum ɗaya ta bi su da ƙaramin icce.

Tana zaune a bakin ƙofa, ko da idonta ya yi rauni, tana jin inda aka kwana. Ƙasar da ba ta kama ba na amsawa da ƙara mai nauyi wadda ba ta tashi. Wadda ta kama na amsawa da ƙara mai kaifi, madaɓin ma na ɗan dawowa hannu. Yana da kyau a tsayar da aikin sau ɗaya ko biyu, a yi shiru, tsohuwa ta sa yaro ya buga nan ya buga can, kowa ya saurari bambancin. Yaron da aka nuna wa wannan sau ɗaya ba ya mantawa.

Daɓe ba ya ƙarewa a yini ɗaya. Washegari za a ga 'yan siraran tsaguwa, kuma wannan ba aibu ba ne in dai ba su yi faɗi ba. A yayyafa, a sake bi da madaɓi su rufe. Tsaguwa mai faɗi da ta raba daɓen gida-gida ita ce alamar yumɓu ya yi yawa ko an bar iska ta busar da shi da gaggawa, shi ya sa a lokacin sanyi ake rufe ƙofa da taga, wasu har su shimfiɗa tsohuwar tabarma a kai.

A zagayen ƙarshe ne makuba ke shigowa. Ɗorawa na nuna a bazara. Garinta rawaya ana sha, kalwarta ana daddawa da ita, ɓawon da ya rage kuma shi ne makuba. Ana daddaka shi a jiƙa a tukunya na wasu kwanaki, ko a tafasa idan ana sauri, har ruwan ya yi ja mai duhu kamar shayin da ya daɗe a kan wuta, sannan a tace. Abin da ke aiki a cikinsa shi ne sinadarin nan mai bauri, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Idan ya haɗu da jar ƙasa, wadda ƙarfen da ke cikinta ne ya ba ta launinta, sai ya ɗaure fuskarta, ya rage mata shan ruwa, ya mayar da ita ja mai duhu. Saboda wannan haɗuwar ne makubar da aka jiƙa a tsatsattsen duro ke yin baƙi tun kafin ta taɓa ƙasa, shi ya sa tsofaffi suka fi son tukunyar ƙasa. Ana yayyafa ta kaɗan-kaɗan ana daɓewa, a bari ta shiga, a ƙara. Wanda ya kwarara ta gaba ɗaya zai mayar da saman daɓen laka ya rusa aikin kwana biyu. Bayan shafi na ƙarshe sai a goge da sulɓaɓɓen dutse har ya yi sheƙi, kuma wannan aiki ne da ƙananan yara ke iya yi. A rani ana ba shi wajen mako guda kafin a mayar da gado, a damina fiye da haka. Ƙafar gadon da aka ɗora a kan ɗanyen daɓe na barin rami da ba ya ɓacewa.

Darasin da ke ɓoye a nan na tanadi ne. Idan Sallah ta faɗo a hunturu, ɓawon ɗorawar da za a yi amfani da shi tun bazarar da ta wuce ya kamata a ajiye shi a buhu a wuri mai bushewa. Tsohuwa ta san wannan ba tare da an tuna mata ba. Matasa kan tuna ne ana gobe aiki.

Bango da zanensa

Shafen bango ya fi daɓe sauƙi, amma akwai tarko a ciki. Abubuwa biyu ake kira farar ƙasa. Akwai wadda ake haƙowa, mai laushi, wadda ba ta cutar da hannu. Akwai kuma ta buhu da ake samu daga ƙonannen dutse, wadda ke cin fata kuma take da haɗari ga ido, don haka ba a bar wa ƙananan yara ita. Kowacce aka samu, ana dama ta da ruwa-ruwa, a sa ɗan jiƙaƙƙen ƙaro don kada ta riƙa bin rigar wanda ya jingina. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke ɓamɓarewa. Matashi kan ga shafin farko ya fito dishi-dishi ya ɗauka bai isa ba, ya ƙara kauri, alhali farin ba ya bayyana sai ya bushe. Gargaɗin da ya fi wannan girma shi ne kada a shafa wa bangon ƙasa fentin mai, ko a lulluɓe shi da siminti don neman kyan Sallah. Bangon ƙasa na ɗaukar danshi yana fitarwa. In aka toshe shi, danshin na taruwa a baya, ƙasar ta yi laushi, wata rana fentin ko simintin ya ɓalle da ɓangaren bango a jikinsa.

Zane mai tudu yana da tsohon tarihi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, yana ɗauke da shi a ciki, kuma har yanzu ana ganin gidaje masu zanen fuska a tsohon birnin Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. A tsakiyar ƙarni na 20 maginan Zariya sun riƙa sa keke da mota da agogo a gefen dagi da takobi, wanda ke nuna cewa sana'ar ba ta taɓa ƙin sabon abu ba. Tsohon magini da ya daina hawa tsani yana iya koyar da jikokinsa a kan ɗan gajeren bango na tsakar gida ko gefen ƙofar zaure. Ana yaɓa ƙasa da ɗan kauri, a fitar da siffar da yatsa ko tsinke tun tana ɗanya, sannan a rage ƙasar gefe ko a ƙara a kan layin har ya taso, a gyara bakinsa da jiƙaƙƙen hannu. Wahalar tana ga lokaci. Da wuri ƙasar na zamewa, a makare kuma ta ƙi yankuwa. Shi ya sa gwani ba ya yaɓa abin da ya wuce inda hannunsa ke kaiwa a tsaye ɗaya, musamman a lokacin iska.

Dagi ne abin da yara suka fi son zanawa, kuma shi suka fi kuskurewa. Ƙa'idarsa ita ce duk igiyar da ta bi ta sama a mahaɗa ɗaya dole ta bi ta ƙasa a ta gaba. In ta hau sau biyu a jere, ƙullin ya warware, ko da wanda bai san dalili ba zai ga wani abu bai zauna ba. Tsofaffi kan sa yaro ya yi ta zana shi a kan rairayi, yana sharewa yana sakewa, sai ya iya bin igiyar da yatsa daga farko har ta dawo ba tare da ta ɓace masa ba kafin a ba shi bango. Wanda ya iya shi a nan ya samu abin da zai yi amfani da shi a ɗinkin riga da aikin fata.

Wani sashe na aikin magina ya fi ƙarfin gida ɗaya. Laso, wanda ake shafa wa rufin soro don hana yoyo, ana haɗa shi ne da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan saiwar dafara. A garin da marina ta mutu babu katsi, komai gwanintar tsohon. A Kano, inda marinar Ƙofar Mata ke aiki, lamarin da sauƙi. A wurare da yawa kuwa abin da zai iya wucewa ga yara shi ne sanin yadda ake yi, ba yin kansa ba.

Jere da faifai

Jere ne sashen da ya fi tsira daga sauyin zamani, domin ba ruwansa da ko ginin ƙasa ne ko na bulo. Kayansa sun yi ta sauyawa: daga ƙore zuwa tasoshin tagulla, waɗanda na Bida suka yi suna, zuwa langa da kwalla masu fenti, zuwa samira, zuwa tangaran da kuloli. A ɗakin tsohuwa sau da yawa ana samun iri uku ko huɗu a wuri ɗaya, kuma kowanne da wankinsa. Tasa ana goge ta da jiƙaƙƙiyar tsamiya da tankaɗaɗɗiyar toka, a ɗauraye nan take a share da busasshen tsumma, in ba haka ba tsamin da ya rage ya bar mata koren tabo. Kwano mai fenti ba ya son yashi ko soson ƙarfe, kuma inda fentin ya ɓantare nan tsatsa ke kamawa. Ƙwarya ba a barin ta a ruwa, ba a kuma shanya ta a rana mai zafi. In ta tsage, gyartai ke ɗinke ta, inda har yanzu ake samunsa.

Ana sauke jere layi-layi ne, a wanke a mayar kafin a taɓa na gaba, sai dai in daɓe ya tilasta a sauke duka. Babba a ƙasa, ƙarami a sama, gefen dama ya amsa na hagu, zanen jikin kwanukan ya fuskanci mai shigowa. Yarinya ce ya kamata ta hau ta jera, tsohuwa na daga bakin ƙofa inda baƙo zai tsaya, tana cewa a matsa ko a juya. Ana cikin haka labari ke fita ba tare da an nema ba: wannan fantekar wa ya ba da ita ranar biki, waccan tasar daga ɗakin wace kaka ta fito. A nan waya na da amfani. In tsohuwar ta yarda, a ɗauki hoton jeren kafin a sauke, a kuma naɗi muryarta tana faɗin sunan kowane kwano da asalinsa. Waya na riƙe suna da tsari. Ba ta riƙe danshin birji a tafin hannu, don haka kada ɗaukar hoto ya zama uzurin wanda ba ya son ɓata hannunsa.

Faifai aikin zaune ne, ya dace da hantsin azumi. Ana naɗe ciyawa da rinannen kaba, ana fara wa daga cibiya ana zagayawa da basilla. In aka ja da ƙarfi faifan ya lanƙwaso ya zama kamar za a yi kwando, in aka sassauta bakinsa ya yi lanƙwasa-lanƙwasa ya ƙi kwanciya. Cibiyar ce mafi wuya, saboda haka tsohuwa kan fara ta, ta yi zagaye uku ko huɗu ta miƙa, sai a faifai na biyu ko na uku ta bar yarinya ta fara da kanta. Faifai ɗaya na ɗaukar sabon hannu kwanaki, don haka wanda ake son ya rufe kwanon tuwon Sallah tun farkon wata ake soma shi.

A gidan siminti da tayil babu ɗakin da za a daɓe, kuma ba hikima ba ce a fasa bene mai kyau don koyarwa. Amma da wuya a rasa wani lungu na ƙasa: madafin tsakar gida, dakalin ƙofar gida, gindin randa, akurkin kaji, ko ɗakin kaka a ƙauye in can za a yi Sallah. Fili mai mita ɗaya da mita ɗaya a gindin randa ba ya cin abin da ya wuce kwanon sarki 7, kuma duk matakan suna cikinsa, daga zaɓen birji har gugar dutse. Gindin randa ma ya fi ɗaki saurin nuna gaskiya, domin kullum ruwa na zuba a wurin. In makubar ta shiga yadda ya kamata, ɗigon ruwa zai ɗan tsaya a sama kafin ya nutse. In ya shige nan take ya bar laushi, shafin bai isa ba, sai a bari wurin ya bushe a ƙara wani.